Awo ya ce 290, kiran Kano kuma na yankewa: tambayoyi da amsoshi kan awon gudun intanet

Aikina shi ne ja wayar intanet da saita rauta, na'urar da ke raba intanet, a gidaje da shaguna tsakanin Jidda da Makka, kuma yawancin masu kirana 'yan uwa ne Hausawa. Kusan kullum sai wani ya miƙo mini jawwal ɗinsa, wato wayar hannunsa, yana nuna mini wata babbar lamba, ya ce, "Malam, duba nan, ga abin da awo ya bayar, amma wallahi shafi ɗaya sai na jira shi kamar mai jiran biza." Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini. Na haɗa su wuri guda don in huta da maimaici.

Me awon nan yake aunawa ne tun farko?

Idan ka danna `GO` a Speedtest, manhajar takan zaɓi saba mafi kusa da kai, wato kwamfutar da za ta aiko maka data, wadda amsarta ta fi saurin dawowa. In kana Jidda ko Makka, sau da yawa sabar tana Jidda, kuma ba abin mamaki ba ne ta zama ta kamfanin da ya sayar maka da layin. Daga nan sai ta buɗe hanyoyi da yawa a lokaci guda, ta yi ta ɗuro data na 'yan daƙiƙoƙi har layin ya cika maƙil, sannan ta faɗa maka nawa ya ɗauka. Shi ma fast.com haka yake yi, sai dai shi daga sabobin Netflix yake jawowa, waɗanda galibi an ajiye su kusa da masu kallo.

Wato an auna maka guntun hanya mafi kusa kuma mafi kyau, aka cika shi da kaya iri ɗaya. Lambar ba ƙarya ba ce. Amsa ce ta tambaya ɗaya tak: nawa layinka zai iya ɗauka daga nan zuwa cikin gari? Kai kuma abin da ya dame ka shi ne shafin jami'a da ke Zariya, ko manhajar bankinka ta gida, ko fuskar jikarka a Fagge. Waɗannan ba cikin gari suke ba.

Na sayi baƙar 100, wato tsarin intanet mai gudun 100, amma in ina sauke fayil sai in ga 12. Sun cuce ni ke nan?

A'a. Mudu biyu ne daban. Kamfani da awo suna lissafi da megabit, shi ne `Mbps` da ƙaramin b. Burauza da wurin sauke manhajoji suna nuna megabait, `MB/s` da babban B. Bit takwas ne bait ɗaya. Raba 100 gida takwas, ka sami 12.5. In ka ga 11 ko 12, layinka na ba da duk abin da ke cikinsa. Mai baƙar 300 ya sa ran ganin wajen 35 zuwa 37.

To in layin yana da faɗi haka, me ya sa shafi yake jinkirin buɗewa?

Nan ne tushen maganar, don haka zan ɗan zauna a kai.

Ka ɗauki ɗan garuwa. Abu biyu ne ke sa randarka ta cika da wuri: girman kurarsa, da nisan rijiyar. Babbar lambar da awo ke nunawa girman kura ce. Ƙaramar lambar nan da kowa ke tsallakewa, wadda aka rubuta `Ping` a kanta, ita ce nisan rijiya: lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ana lissafa shi da `ms`, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In tanki za ka cika, girman kura ne abin dubawa. In kuwa kofi ɗaya-ɗaya kake aike a kawo maka, kuma ba ka sake aike sai na farko ya iso, to girman kura bai amfane ka da komai ba, sawu ne ke cin lokacin.

Buɗe shafi aiken kofi-kofi ne. Da farko wayarka za ta tambayi adireshin sabar, sawu ɗaya. Ta yi sallama a amsa mata, sawu na biyu. Su daidaita makullin sirri, wanda ke sa ka ga ɗan kwaɗon nan kusa da adireshi, sawu na uku, wani lokaci har da na huɗu. Sai a sawu na gaba ne za ta ce a ba ta shafin. Wajen sawu huɗu ke nan kafin harafi ɗaya ya bayyana. In sabar tana Jidda, kowane sawu 5 ms, duka bai wuce ƙiftawar ido ba. In kowane sawu 200 ms ne, an cinye maka kashi takwas cikin goma na daƙiƙa fuskar wayar tana fari fat. Bayan haka shafin zai ce a je a ɗauko hotuna daga wata saba, rubutu daga wata, talla daga wasu goma, kowacce da tata sallamar. Ko ka ninka baƙarka sau uku, sawun nan ba zai ragu da ko ɗaya ba.

Akwai kuma wani abu. Saba ba ta sakin kaya gaba ɗaya. Takan turo kaɗan, ta jira ka ce ya iso, sannan ta ƙara. A ce megabait ɗaya ne ake bari a kan hanya kafin a jira amsa. Idan sawu yana cin 200 ms, sawu biyar za a yi a daƙiƙa, megabait biyar ke nan, wato megabit 40. Ko layinka na 500 ne, wannan fayil ɗin ba zai wuce 40 ba. Shi awo yana kauce wa wannan ne ta buɗe hanyoyi da yawa zuwa wuri na kusa, shi ya sa lambarsa ke tashi.

Najeriya ai ba ta da nisa haka. Me zai kai sawun 200?

A taswira, daga Jidda zuwa Kano wajen kilomita 3,400 ne. Haske a cikin faiba, wayar gilashin da ke ɗaukar intanet, yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka duk kilomita dubu yana ƙara 10 ms a zuwa da dawowa. Da akwai waya miƙaƙƙiya, da 35 ms ya isa. Amma data ba ta bin hanyar da kakanninmu suka biyo da ƙafa ta Cadi da Sudan. Galibi takan shiga wayoyin ƙarƙashin Bahar Maliya, ta ratsa Masar, ta fita Marseille ko ta kai har Landan, sannan ta gangaro ta tekun Atilantika zuwa Legas, daga can ta hau Arewa. Tafiyar ta haura kilomita 12,000. Tun kafin a sa cunkoso da na'urorin kan hanya, an riga an wuce 120 ms.

Wani lokaci kuma wayoyin kansu ne ke yankewa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu sun lalace a tekun Yammacin Afirka, Najeriya ta yi kwanaki tana ɗingishi. A watan Satumba na 2025 wasu sun yanke a Bahar Maliya kusa da Jidda. A irin waɗannan ranakun za ka iya yin awo a sabar cikin gari ka ga lamba lafiya lau, alhali duk abin da ke waje yana jan ciki.

Yaya ake yin awo na gaskiya?

Ƙa'idata ɗaya ce: kada ka canza abu biyu a lokaci guda. Bari in nuna da wani gida da na je a unguwar Misfala ta Makka.

Wata Hajiya ce, dattijuwa, tana zaune da ɗanta da jikoki a shiƙƙa mai ɗaki huɗu. Suna da faiba ta 300. Kukanta shi ne duk daren da ta kira 'yarta a Kano da bidiyo, hoto sai ya daskare, murya ta riƙa zuwa gutsi-gutsi. Ɗanta kuma ya dage cewa intanet ɗinsu ba shi da matsala, ya nuna mini hoton awo: 290. Na ce masa, "Alhaji, a ina ka tsaya ka yi wannan?" Ya ce a majalisi, gaban rautar. Hajiya daga kan dardumarta ta ce, "Ɗan nan, ni dai ba lamba nake son gani ba, jikata nake son gani."

Abu na farko, na roƙi a cire kowa daga waifai, har talabijin, na kashe VPN da ke kan laftof ɗina, wato manhajar da ke bi da data ta wata ƙasa, na haɗa laftof ɗin da rauta da waya, wato kebul. Ana farawa da waya ne domin ita ke raba gardama: abin da ta bayar na kamfani ne, abin da ya ɓace bayanta na cikin gida ne. Na auna sau uku, duka 94. Wannan lamba na san ta kamar yunwar cikina. Duk inda ka ga 93, 94 ko 95 ta tsaya cak, to wayar ko ramin da aka soka ta ya sauka zuwa 100 ne, ba layin ba. Wayar da aka ba ni tsohuwa ce, ƙarfe ɗaya a bakinta ya lanƙwashe. Na sa tawa, lamba ta koma 296. Kamfani ya fita daga zargi a nan.

Na biyu, na bar komai yadda yake, na ɗauki jawwal ɗin Hajiya na auna a gaban rauta: 70. Wayar ɗanta a daidai wurin ta ba da kusan 290. Bambancin shi ne rauta na watsa waifai a zango biyu, tata ta maƙale a 2.4 GHz mai jinkiri, tasa tana kan 5 GHz mai sauri. Na shiga ɗakinta, bayan bango biyu na kankare, na zauna inda take zama: 14, sannan 9, sannan 17. Ba ƙanƙantar lambar ce ta dame ni ba, domin 9 ma ta ishi kiran bidiyo. Rawar da take yi ce. A imarar akwai waifai sama da ashirin da wayar ke gani, yawancinsu suna cunkushe a 2.4.

Na uku, na koma kan laftof da kebul, na danna `Change Server` na zaɓi wata a Legas, na kuma mayar da `Connections` daga `Multi` zuwa `Single`. Ping ya tashi daga 6 zuwa 170 da wani abu, gudun ya sauka ƙasa da 40. Wannan lambar ce ta fi kama da abin da mutum ke ji a jikinsa in yana hulɗa da gida, kuma ba wanda zai iya gyara ta daga Misfala.

Duk da haka ban ga abin da ke daskarar da hoto ba, sai da na dawo bayan Isha'i, lokacin da ake kiran.

Me ya sa sai ka koma da dare? Layi ba layi ba ne?

Awon da aka yi da hantsi ba ya shaidar dare. Da rana gidan babu kowa, maƙwabta ma haka. Da na dawo, yara sun shigo, kowa da wayarsa. Na buɗe tagogi biyu na `Command Prompt` a laftof mai Windows ina zaune a ɗakin Hajiya, ɗaya yana ƙwanƙwasa rautar gidan, ɗaya yana ƙwanƙwasa waje:

```
ping -t 192.168.1.1
ping -t 8.8.8.8
```

Adireshin farko na rauta ne. A wasu gidajen `192.168.100.1` ne ko `192.168.8.1`, yakan kasance a rubuce a jikin na'urar. Karatun ba shi da wuya. In na rauta yana tsalle, daga 3 zuwa 200, ko yana cewa `Request timed out`, cutar tana cikin gida, tsakanin wayarka da rauta. In na rauta yana zaune lafiya amma na waje ne ke tsalle, to daga rauta zuwa gaba ne.

A ɗakin Hajiya duka biyun suna tsalle. Da na koma kan kebul, na rauta ya natsu, amma na waje ya ci gaba da hawa sama da 400 lokaci-lokaci. Muka bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya, ashe babbar jikar ce: da ta shigo ta sa caji, wayarta ke fara loda bidiyoyin ranar zuwa ma'ajiyar intanet. Hanyar fita ta fi ta shigowa ƙanƙanta a yawancin baƙoƙi. In ta cika, rauta takan jera komai a dogon layi, muryar Hajiya ta tsaya a bayan bidiyon biki tana jiran ta zo kanta.

Ana iya ganin wannan ba tare da laftof ba. A fast.com danna `Show more info`, za ka ga `Unloaded` da `Loaded`: jinkirin layi in yana zaune, da jinkirinsa in an ɗora masa kaya. Speedtest ma yana nuna ƙananan lambobi kusa da kibiyar sauka da ta hawa. In ta zaune 10 ce, ta kaya kuma 300, to duk sanda wani a gidan ya cika layin, kiran kowa zai lalace, komai girman lambar da ke sama.

Abin da muka yi: rauta ta tashi daga bayan talabijin zuwa bangon siririn baranda da ke tsakanin ɗakuna, wayar Hajiya ta koma 5 GHz, aka kashe lodin kai-tsaye a wayar jika sai da asuba. Ba a ƙara ko riyal ɗaya a fatura ba. Kiran ya gyaru sosai, amma ba duka ba, domin akwai daren da 'yar tata ke kan data a unguwar da sabis ke da rauni, kuma wancan ɓangaren nasu ne.

Ni shariha, wato layin SIM, nake amfani da ita, ba faiba ba. Sanduna sun cika, an rubuta 5G, amma ba ya tafiya.

Sanduna suna nuna ƙarfin muryar hasumiya ne a kunnen wayarka, ba sa nuna mutum nawa ke rabon ta. Hasumiya tukunya ɗaya ce, duk wanda ke ƙarƙashinta da cokalinsa. Wanda ya taɓa neman tura hoto daga Mina a ranakun jifa, ko daga harabar Harami bayan tarawihi a goman ƙarshe, ya san wannan ba sai an faɗa masa ba. Ko a unguwa, awon ƙarfe goma na safe da na goma na dare za su iya bambanta ninki biyu ko uku a kujera ɗaya. A Ramadan kuma lissafin juyawa yake, dare ne kasuwa har sahur.

Mai rautar 5G ta gida ya gwada ta a tagogi daban-daban, ya auna sau uku a kowace. Taku uku kan canza lamba fiye da yadda ake zato. Ka kuma duba sharuɗɗan baƙarka: wasu masu sunan "ba iyaka" suna da ƙa'idar rage gudu in ka wuce wani adadi. Alamar ita ce lamba ƙarama da ba ta motsi, dare da rana.

Awon yana cin data?

Yana ci, kuma ci mai yawa. Daƙiƙa goma a gudun 100 megabait 125 ne. A kan 5G mai ba da 500, daƙiƙa goman nan ta haura megabait 600, ba a sa na hawa ba. Mahajjacin da ya sayi shariha mai 'yan gigabait ya yi ta danna `GO` don nishaɗi, kafin ya bar Madina ya ƙarar da rabonsa.

VPN fa? Wasu sun ce yana ƙara gudu.

Yawanci ragewa yake yi, domin ya ƙara zango: datarka sai ta je ƙasar da sabarsa take kafin ta nufi inda ka aike ta, ga aikin kullewa da buɗewa. Abin da ya shafi awo shi ne, in yana kunne, manhajar za ta ɗauka kana can ƙasar ne, ta zaɓi saba a can, ka auna VPN ɗin maimakon layinka. Kashe shi tukuna. In kana son sanin nawa yake ci maka, auna da shi da babu shi a saba guda, cikin minti biyar.

Wanne ya fi gaskiya, Speedtest ko fast.com? Ba sa ba ni lamba ɗaya.

Ba za su ba ka ba, tunda ba wuri ɗaya suke zuwa ba. Bambancin kashi goma ko ashirin cikin ɗari ba komai ba ne. In ɗaya ya ninka ɗaya sau da yawa, kuma haka yake kullum, wannan ma labari ne: hanyar zuwa ɗayan tana da cunkoso, ko ana bi da bidiyo daban a baƙarka. Zaɓi guda ka riƙe don kwatance.

Komai ya nuna lafiya, amma wayata ita kaɗai ke jinkiri.

To wayar ce. Tsohuwar waya mai cikakkiyar ma'ajiya, wadda ta yi zafi a aljihu da azahar ɗin Makka, tana iya karɓar data da sauri ta kasa shirya shafin da sauri. Buɗe shafin nan a wata waya a kan waifai ɗin. In can ya buɗe nan take, ka san inda za ka kai kuɗinka. In ya ƙi buɗewa a duka wayoyin gidan alhali sauran shafuka na tafiya, sabar shafin ce ta gaji, kamar yadda shafukan duba sakamakon jarrabawa ke yi ranar da aka saki sakamako.

Gudu nawa gida yake buƙata, tsakani da Allah?

Ƙasa da yadda ake zato. Netflix da kansa yana ba da shawarar megabit 5 don hoto mai kyau na 1080, da 15 don 4K. Kiran bidiyo bai fi 'yan megabit ba. Gida mai mutum shida da 100 mai natsuwa ya fi jin daɗi a kan mai 500 da rautarsa ke cikin kabad. Ni in aka ce in zaɓa wa mutum tsakanin ƙara baƙa da ja waya guda zuwa ɗakin ƙurya a sa na'ura ta biyu, wayar nake zaɓa kusan kullum.

Na yi duk wannan, a kan kebul ma lambar ba ta kai rabin abin da nake biya ba. Sai me?

Yanzu kana da magana. Amma kada ka kira su da hoto ɗaya. Yi kwana uku kana aunawa sau uku a rana, da safe, da la'asar, da bayan Isha'i, ka sa ranar Juma'a ko Asabar a ciki tunda kowa na gida. Laftof guda, kebul guda mai kyau, saba guda ta cikin gari, ba kowa a kan layin. Duk zama ka auna sau uku ka rubuta ta tsakiya, ba mafi muni ba. Rubuta sauka, hawa, da ping, ka ajiye hoton kowanne domin yana ɗauke da lokaci da sunan saba. Ka tuna ramin gigabit ba ya wuce wajen 940, don haka mai baƙar 1000 da ya ga wannan bai yi asara ba.

Da wannan takardar za ka shigar da ƙorafi wurin kamfaninka, ka karɓi lambar ƙorafin ka adana. Tambayar farko da za su yi maka ita ce ko da waifai ka auna, kai kuma ka riga ka toshe wannan ƙofar. In ba su warware ba, akwai Hukumar Sadarwa, Sararin Samaniya da Fasaha, wadda ake taƙaitawa CST, tana karɓar ƙorafin da aka ɗaga daga kamfani, kuma za a nemi waccan lambar a wurinka.